Wa ke riƙe da almakashi? Tambayoyi da amsoshi kan gwaninta, jinga da sana'ar da ba ta cikin rajista a Kano

A shagon ɗinki na tashi, a Fagge. Mahaifina tela ne, kuma tun kafin in iya karatun boko sosai na iya zura zare a allura da kalmasa bakin wando. Daga baya na karanta ilimin zamantakewa, ɓangaren da ke nazarin aiki da ma'aikata. Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai da teloli suka fi yi mini, kuma da ɗinki zan amsa kusan dukkansu, domin shi na sani ciki da bai.

Me masana ke nufi idan suka ce an zare gwaninta daga aiki?

Suna nufin an ɗauki sana'ar da mutum guda ke yi daga farko har ƙarshe, an gutsuttsura ta, an ba kowa guntu, sannan tunani da tsarawa sun koma hannun mutum ɗaya ko ofis ɗaya. Wanda ya fi fito da wannan magana shi ne Harry Braverman, wani Ba'amurke da ya buga littafinsa a 1974. Kafin ya zama marubuci maƙerin tagulla ne, ya yi aiki a wurin ƙera jiragen ruwa, saboda haka abin da ya gani da idonsa ya rubuta. Ya ce tsarin da Frederick Taylor ya yaɗa tun 1911, na auna kowane motsin ma'aikaci da agogo, babbar manufarsa ita ce raba kai da hannu: manaja ya yi tunani, lebura ya aiwatar.

A ɗinki abin a fili yake. Cikakken tela yana karɓar yadi, ya dubi mai kaya, ya yi awo, ya san wannan kafaɗarsa ta ɗan sauka, wancan yana da tumbi sai an sakar masa gaba. Ya yanka, ya haɗa, ya ɗora wuya, ya goge, ya kuma faɗi kuɗi. Ilimin sana'ar yana cikin awo da yanka da sanin farashi. Idan yaro ya shekara biyar a kan keke yana haɗa gefe da gefe, bai taɓa riƙe almakashi a kan shaddar mutane ba, to hannunsa ya yi sauri amma sana'ar tana wurin wani.

To ai raba aiki sauri yake kawowa. Ina laifinsa?

Sauri kam yana kawowa, babu mai musu. Adam Smith ya nuna haka tun 1776 da misalin masu yin fil, inda mutum goma da suka raba aikin suke fitar da 48,000 a rana. Amma akwai wata riba ta biyu da Charles Babbage ya bayyana a 1832, ita ce Braverman ya kama da hannu biyu. Idan ka raba aiki, ba sai ka biya kuɗin gwani a kan kowane mataki ba. Gwani za ka biya a inda sai gwani, sauran ka saye su da araha.

Bari mu yi lissafi. Alƙaluman nan na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin bi. Mu ƙaddara wani maigida ya karɓi kwangilar kayan makaranta, riga da wando, saiti 600. Kowane saiti yana cin awa 3, wato minti 180: yanka minti 30, haɗi minti 100, kalmasa da maɓalli minti 30, guga da ninki minti 20. Idan cikakken tela ne zai yi duka, kuma awarsa ta kai ₦1,000, kowane saiti ya ci ₦3,000.

Sai maigida ya raba. Mai yanka gwani ne, a bar shi a kan ₦1,000 a awa, minti 30 ɗinsa ₦500 ke nan. Haɗi a ba matashin da ya iya keke amma bai iya yanka ba, a kan ₦600 a awa, minti 100 ya tashi ₦1,000. Kalmasa da maɓalli a ba ƙaramin yaro a kan ₦400 a awa, ₦200. Guga a kan ₦300 a awa, ₦100. Jimla ₦1,800. An rage ₦1,200 a kowane saiti, kashi 40 cikin 100, kuma a saiti 600 ya zama ₦720,000. Ka lura ba a sayi sabon keke ba, ba a kuma ƙara sauri ko na minti ɗaya ba a wannan lissafi. Ribar ta fito ne daga sauya wanda ke yin aikin kawai.

Ba na ganin maigidan nan a matsayin azzalumi. In bai yi haka ba, na kusa da shi zai yi, ya karɓe kwangilar. Amma dubi abin da ya biyo baya. Cikin minti 180, minti 30 kacal ke buƙatar gwani. Mai haɗi da mai guga in sun yi fushi sun tafi yau, gobe da safe an samu wasu. Mai yanka ne kaɗai ake lallashi. Daga nan ƙarfin ciniki ya bar hannun mutum uku cikin huɗu.

Ɗana yana shagon tela. Yaya zan gane koyo yake ko aiki kawai ake ci da shi?

Wata dattijuwa a unguwarmu ta taɓa tare ni da wannan. Ta ce, "Malam, yaron nan shekararsa huɗu a shago, kullum sai dare yake dawowa, amma na ba shi atamfa ya ɗinka wa ƙanwarsa ya ce sai ya kai wa maigidansa ya yanka." Na ce, "Inna, amsar tana cikin maganarki."

Abin dubawa shi ne ko aikin da ake ba shi yana canzawa. A tsarin da na taso a ciki, yaro yana farawa da shara da aike da guga, ya wuce kalmasa da gidan maɓalli, ya hau keke ya yi wando, ya koma riga, sannan a fara ba shi yadi mai araha ya yanka, maigida na tsaye a kansa. Zai ɓata yadi, za a yi masa faɗa, a haka ake iyawa. Idan shekara biyu ta wuce yana kan mataki guda, an tsayar da shi ne domin a nan ya fi amfani ga shagon. Ki tambaye shi ko ana barinsa ya auna mai kaya. Ki tambaye shi ko ya san nawa ake karɓa a kan kaftani, da nawa ake sayen zare da sitif a kasuwa. Yaron da ake shirin yayewa yana sanin waɗannan, domin ranar da zai buɗe nasa shagon su ne jarinsa na farko.

Keken aiki na kwamfuta ya kashe aikin hannu ke nan?

A nan ne waɗanda suka soki Braverman suke da gaskiya, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Sun ce gwaninta ba ɓacewa take yi ba kullum, wani lokaci ƙaura take yi. Aikin babbar riga irin aska takwas, da mai zane ke zanawa a kan yadi sannan mai allura ya bi na makonni ko watanni, yanzu injin kwamfuta na fitar da makamancinsa cikin awoyi. Mai tsaron injin aikinsa ɗaura yadi, sauya zare, da tayar da inji in zare ya tsinke. Wannan ana koyonsa cikin ɗan lokaci. Amma akwai wanda ke zama gaban kwamfuta ya mayar da zane zuwa umarnin da inji ke bi, ya san yawan sukar da shadda za ta ɗauka ba ta tattare ba, ya san ta inda allura za ta fara da inda za ta ƙare. Akwai kuma mai gyaran injin. Waɗannan sababbin gwanaye ne, kuma ana nemansu.

Matsalar ita ce adadi. Mai tsara zane guda ɗaya yana iya wadatar da injuna da yawa, kuma zanen da ya yi sau ɗaya ana kwafarsa a filashi a yi ta amfani da shi. Saboda haka gwanintar ta taru a hannun 'yan kaɗan, mafi yawa suka koma masu tsaro.

Akwai suka ta biyu da na fi ɗauka da muhimmanci, wadda mata masana suka kawo. Sun ce abin da ake kira gwaninta ba daga wahalar aiki kaɗai yake fitowa ba, har da wanda ke yinsa. Ka dubi matan da ke ɗinkin hula a cikin gidaje. Aiki ne na ƙirga zare da ido, mai cin makonni, wanda ba a iya shi a wata guda. Amma saboda mace ce ke yi a tsakar gida tsakanin girki da reno, ana kiransa abin rage zaman banza, kuma dillalin da ya kawo zare da zane shi ke yanka kuɗi. Ba a zare mata gwaninta ba. Ƙin kiranta gwana aka yi, kuma sakamakon a aljihu ɗaya ne.

Mene ne kuma sassaucin ƙwadago da ake ta faɗa?

A 1984 wani masani a Birtaniya, John Atkinson, ya zana yadda kamfanoni ke raba ma'aikatansu gida biyu. Akwai 'yan ciki, masu aikin dindindin, waɗanda ake so su iya ayyuka da dama domin a riƙa juya su. Akwai 'yan gefe, na wucin gadi da na 'yan kwangila, waɗanda ake ƙara yawansu in kasuwa ta buɗe, a rage in ta rufe. Kalma ɗaya ce, sassauci, amma abu biyu take ɗauke da su: sassaucin hannu, wato mutum ya iya aiki iri-iri, da sassaucin adadi, wato a iya sallamarsa ba tare da asara ba.

Duk wanda ya san shagon tela a watan azumi ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Daga tsakiyar Sha'aban aiki ke taruwa, a goman ƙarshe ana kwana a kan keke. Maigida na da mutum biyu ko uku da ba ya rabuwa da su, sauran 'yan jinga ne, ana biyansu a kan kowace riga da suka haɗa. Bayan sallah da mako guda kekuna sun yi shiru, ɗan jinga ya koma neman wani abin. Ga inda zaren ya haɗu da tambayar farko: ba za ka iya ɗaukar mutum na mako uku ka sallame shi ba sai in aikin da zai yi an riga an gutsura shi yadda kowa zai iya. Gutsura aiki shi ke buɗe ƙofar jinga.

Jinga kuma tana mayar da asara kan ma'aikaci. In wuta ta ɗauke kuma babu man janareta, mai albashi yana zaune albashinsa na tafiya, ɗan jinga kuwa ranarsa ta faɗi. Haka direban adaidaita sahu da ke kai balas kullum: ko an yi ruwa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuɗin mai babur ba ya raguwa.

Doka ba ta ce komai ba a kan wannan?

Ta ce, amma ramukanta suna daidai inda mutanenmu suke. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 ya cika. Shi ya sa ake jin labarin masana'antun da ke sallamar lebura kafin cikar wata ukun, su sake ɗaukarsa a matsayin sabo, ko su karɓo shi ta hannun ɗan kwangila don kada sunansa ya shiga littafinsu. Mafi ƙarancin albashi kuma ya koma ₦70,000 a 2024, amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da masu aikin la'ada. Shago irin wanda muka yi lissafinsa yakan fita ta ƙofa biyu ke nan: mutanensa ba su kai 25 ba, kuma ko da yake da awa muka yi lissafi, a kan riga ake biyansu.

Daga ina maganar tattalin arzikin da ba ya cikin rajista ta samo asali?

Daga Afirka ta Yamma. Keith Hart, wani Bature mai nazarin al'umma, ya zauna a unguwar Nima ta birnin Accra cikin Frafra da suka zo ci-rani daga arewacin Ghana. Alƙaluman hukuma na cewa ba su da aikin yi, shi kuma yana ganinsu daga asuba zuwa dare suna dako, suna talla, suna gyare-gyare, suna ba da bashi. Ya gabatar da bincikensa a 1971, aka buga a 1973. A 1972 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauki kalmar a rahotonta kan Kenya, daga nan ta bazu. A 2018 ƙungiyar ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, a wannan fage suke, a Afirka kuwa kusan kashi 86.

Ni kalmar tana ɗan yi mini ƙaiƙayi idan aka ɗora ta a kan Kano. Lokacin da Heinrich Barth ya zo garin nan a 1851, ya tarar da saƙa da rini da ɗinki suna kai tufa har ƙetaren Sahara. Marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi sun girmi kowace rajistar kamfani a ƙasar nan. Sana'o'in suna da sarakunansu, da ƙa'idar ɗaukar yaro da yaye shi, da hanyar sasanta rigima. Rashin takardar gwamnati bai zama rashin tsari ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba sa biyan komai, duk mai shago ya san masu rasit.

Rufewar masana'antun Bompai da Sharada da Challawa fa, ina ta shiga?

A nan ne masana suka fi rabuwa. Hernando de Soto na ƙasar Peru, a littafinsa na 1986, ya ce masu ƙananan sana'o'i 'yan kasuwa ne masu himma da wahalar rajista da cin hanci suka kora waje, a sauƙaƙa musu takardu za su bunƙasa. Manuel Castells da Alejandro Portes, a 1989, suka ce a'a, a duba da kyau, da yawansu ma'aikatan manyan 'yan kasuwa ne a ɓoye, an tura musu aiki waje don a huta da albashi da fansho da ƙungiyar ƙwadago.

Tarihin Kano ya ba kowannensu wani abu, amma ni ina ganin ya fi karkata ga na biyun. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da ake shigowa da su suka yi tsada, ga matsalar wuta, ga yadin waje mai araha da ya cika Kantin Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa. Wanda ya shekara goma sha biyar yana kula da injin saƙa gwani ne, amma gwanintarsa a jikin injin take, ranar da aka kulle ƙofa ba shi da inda zai kai ta. Da yawa suka koma acaɓa, har aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a Janairun 2013. Wasu suka sayi keke da kuɗin sallama suka shigo ɗinki. Wannan wata hanyar zare gwaninta ce da Braverman bai mayar da hankali a kai ba: ba manaja ne ya gutsura aikin ba, masana'antar ce ta mutu ta bar gwanin a tsaye.

Shigowar mutane da yawa cikin sana'a kuma tana taɓa na cikinta. Kate Meagher ta nuna haka a bincikenta kan masu takalma da teloli a Aba, wanda aka buga a 2010: cunkoso da matsin tattalin arziki sun raunana tsarin koyon sana'a, yara na fita ba su gama ba, inganci na sauka. Abin da na gani a Fagge bai yi nisa da haka ba. Yaro ya yi wata takwas, ya iya haɗi, ya ga in ya koma jinga zai riƙa samun kuɗi a hannu yau. Gida kuma ana jiran abin cefane. Sai ya bar koyo a daidai lokacin da ya kusa kai wa ga almakashi, kuma ba wanda ya kore shi.

Amma ai maigida a Kano uba ne, ba kamar kamfani ba.

Sau da yawa haka ne, kuma na ga alherinsa da idona. Mahaifina ya yi wa yaransa aure, ya biya kuɗin asibitin iyayensu, ya saya wa waɗanda ya yaye keke. Babu dokar da ta sa shi. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a nazarinsu na masaƙun Nijeriya da ya fito a 1998, sun lura cewa ƙungiyar ƙwadago ta fi kafuwa a manyan masaƙun Kaduna fiye da na Kano, inda dangantakar maigida da yaro ta bi mutane har cikin masana'anta. Raunin wannan tsari shi ne alheri ne, ba haƙƙi ba. In maigida mutumin kirki ne ka dace. In ya rasu, ko kasuwa ta karye masa, ko kuka saɓa, babu abin da za ka riƙe. Kuma kunya kan hana yaro tambayar wanda ya yi masa aure yaushe za a koya masa yanka.

In kowa ya yi rajista, matsalar za ta kau?

Rajistar shago daban, kariyar mai aiki a cikinsa daban. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara mai lamba 204 a 2015 kan shigo da irin waɗannan sana'o'i cikin tsarin hukuma, kuma ta haɗa da haƙƙin ma'aikaci da inshora, ba takardar kamfani kaɗai ba. Maigidanmu na misali zai iya yin rajista gobe don ya samu kwangilar gwamnati, mai haɗinsa ya ci gaba da karɓar ₦1,000 a kan saiti ba tare da komai ya canza ba.

Dokar ƙwadago ma tana da sashe kan koyon sana'a, wanda ya ce a yi yarjejeniya a rubuce a gaban jami'in ƙwadago, kuma ga ƙaramin yaro kada ta wuce shekara 5. Ban taɓa ganin wanda ya bi ta wannan hanya a unguwarmu ba. Abin da na ga yana aiki shi ne zaman da ake yi ranar kai yaro, gaban shaidu biyu, ko a gaban shugabannin ƙungiyar teloli ta unguwa. Da dattijuwar nan ta sake dawowa, shawarar da na ba ta ke nan, ta tura kawun yaron. Ya je bayan la'asar, suka gaisa, ya ce, "Alhaji, mun gode da riƙon yaron nan. Muna roƙon bayan ƙaramar sallah, in aiki ya lafa, a fara ɗora shi a kan yanka, yadin da zai ɓata kuma mu za mu saya." Ya ajiye yadi goma na mai araha a kan teburin. Maigidan ya ɗaga yadin ya duba, ya kira yaron, ya ce ya ɗauko tef da alli.